Jarrabawar buɗe littafi: yadda za ka tsara takardunka ka gano amsa cikin minti guda

Da yawa cikin 'yan'uwanmu malamai da ke karatun ƙaro ilimi, da ɗalibanmu na Zango da ke manyan makarantu, da sun ji an ce jarrabawar wannan kwas ta buɗe littafi ce sai su saki jiki. A ganinsu an gama, tunda amsa tana cikin jaka. To amsar tana cikin jakar, gaskiya ne, amma agogo ba ya tsayawa ya jira ka lalubo ta. A irin wannan jarrabawa ba a cika faɗuwa don rashin takardu ba. Abin da ke kayar da mutum shi ne lokacin da ya ƙare a juya shafi.

Mu yi lissafi. A ce jarrabawar awa biyu ce, wato minti 120, kuma tambaya huɗu za ka amsa. Cire minti 10 na karanta takardar tambayoyi, cire wasu 10 na bitar abin da ka rubuta a ƙarshe. Saura minti 100, kowace tambaya ta samu 25. A kowace tambaya za ka bukaci duba takardunka kamar sau uku, ka ga sau 12 ke nan gaba ɗaya. In kowane dubawa ya ci minti ɗaya, minti 12 ka kashe, ba a yi asara ba. In kuwa kowanne ya ci minti biyar, minti 60 sun tafi, rabin jarrabawar cif, ba ka rubuta komai ba. Tsakanin minti 12 da minti 60 nan ne maki yake.

Ni malamin makaranta ne, kuma tsarin da zan bayyana shi na bi a kwas ɗin dokokin ilimi da haƙƙin yara lokacin da na koma ƙaro karatu. Da takardun wannan kwas zan yi misali. Abin da nake so mai karatu ya riƙe guda ɗaya ne: ana shirya takardu ne bisa yadda tambaya za ta zo, ba bisa yadda littafi ya jera babobinsa ba.

Fara tambayar abin da aka halatta

Kafin ka sayi sitika ko ɗaya, je ka ji daga bakin malamin kwas ɗin abin da aka yarda a shiga da shi. Kalmar buɗe littafi ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. Wani malamin ya yarda da komai. Wani littafin doka kawai ya yarda da shi, kuma ba ya so ya ga rubutun hannu a gefen shafi. Wani ya yarda da alamar shafi, amma ba ya so a rubuta komai a kanta sai lamba. Tambayi abu uku a sarari: ko an yarda da rubutun hannunka, ko an yarda da alama mai rubutu, da ko an yarda da takardar fihirisa da kai ka haɗa. In da hali ka samu amsar a rubuce, domin mai gadin jarrabawa ba shi ne ya koyar da kwas ɗin ba, kuma in ya ɗauke maka takarda a ƙofa ba a nan za ka tsaya jayayya ba.

Tara komai wuri ɗaya, ka ba shi lamba ɗaya

Takardun ɗalibi a warwatse suke. Ga littafin da ka rubuta darasi a aji, ga fotokwafin da malam ya raba, ga kwafin doka. Kowanne yana da nasa shafi na 1, wani ma ba shi da lamba sam. Muddin haka suke ba za ka iya cewa "shafi na 12" ba tare da an tambaye ka na wace takarda ba.

Don haka aikin farko shi ne ka haɗa su cikin fayil ɗaya, ko ka kai a ɗinke maka su a wurin masu fotokwafi. Sai ka ɗauki jan biro ka sa lamba daga shafin farko har na ƙarshe, a kusurwar sama ta waje, ka zagaye ta don kar ta rikice da tsohuwar lambar da aka buga. Nawa ƙunshin ya kai shafi 140. Darussan aji sun kama daga 1 zuwa 62. Sassan da muka karanta daga Kundin Tsarin Mulkin Ghana na 1992 suna 63 zuwa 70. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, tana 71 zuwa 112, sauran takardun malam kuma 113 zuwa 140.

A wannan matakin ne za ka rage kaya. Duk takardar da ba ka taɓa karantawa ba, bar ta a gida. Abin da ba ka karanta ba, ba za ka gane shi cikin minti guda a zauren jarrabawa ba, sai dai ya ƙara wa ƙunshin kauri. Ka kuma duba shekarar kwafin dokar da ke hannunka. Dokar Yara, alal misali, an yi mata gyara a 2016, saboda haka ka tabbatar kwafinka shi ne wanda malam ya koyar da shi. Da zarar ka sa lamba, kar ka sake sauya jerin. In wata takarda ta zo daga baya, saka ta a gurbinta ka kira ta 62a, 62b, sauran lambobin su zauna yadda suke.

Alamar shafi: kaɗan ta fi yawa amfani

Alamar shafi ita ce 'yar sitikar nan da ake mannawa a gefen takarda ta leƙo waje. Za ka ga ɗalibi ya shigo da littafi gefensa kamar gashin zakara, alama sittin ko saba'in, kala-kala. Wannan bai rage wa kansa aiki ba, domin yanzu sai ya nemi alama a cikin alamomi, ga wasu sun rufe wasu.

Takardar da kanta ta yanke maka iyaka. Tsawon takardar fotokwafi da muka saba da ita santimita 29.7 ne. In faɗin kowace alama santimita 2.5 ne, guda 11 ne za su jeru daga sama zuwa ƙasa ba tare da wata ta hau kan wata ba. To ka tsaya a nan. Alama 11 a shafi 140 na nufin tsakanin wata da wata akwai shafi 12 ko 13, abin da babban yatsa zai wuce cikin daƙiƙa kaɗan.

Jera su kamar matakalar bene: ta farko a can sama, ta biyu ƙasa da ita kaɗan, har ta ƙarshe ta sauka ƙasan shafi. Haka idonka zai ga dukkansu lokaci ɗaya littafin yana rufe. Kar ta leƙo fiye da santimita ɗaya, in ba haka ba za ta lanƙwashe a cikin jaka. In sitikar takarda ce, ɗora mata salatif mai haske, saboda gumin hannu yana goge rubutu.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne abin da za a rubuta a kanta. Rubuta lambar shafin da alamar take, sannan kalma ɗaya ko biyu, misali "100 Aikin yara". Lambar ce mai muhimmanci, don ita ke haɗa alamar da fihirisa. In fihirisa ta ce maka shafi na 102, sai ka kama alamar 100 ka juya biyu. Ka rubuta a fuska biyu na alamar, don in kana shafi na 120 kana son komawa baya, bayan alamomin kake gani. Launi kuma kar ya wuce uku ko huɗu, kowanne da ma'anarsa. Nawa, kore na darasin aji ne, ja na doka, rawaya na sauran takardu.

Fihirisa ita ce zuciyar aikin

Duk wanda ya yi karatun allo ya san bambancin nan, ko da bai taɓa sa masa suna ba. Jerin surori da ke cikin Alƙur'ani yana kai ka sura idan ka riga ka san sunanta. Amma in kalma ɗaya kawai ka tuna daga aya, ba ka san surar ba, wannan jerin ba zai fisshe ka ba. Shi ya sa Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi ya haɗa Mu'ujamul Mufaharas, inda ake shiga ta kalma a fito a kan aya. A zauren jarrabawa kana cikin hali na biyun ne. Tambaya ba za ta gaya maka babi ba, kalma za ta miƙo maka.

Saboda haka kar ka kwafe kanun babobi ka ce ka yi fihirisa. Nemo tambayoyin shekarun baya, da na gwajin aji, da waɗanda malam ya riƙa jefowa yana koyarwa. Karanta kowace tambaya ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da za su sa ka buɗe takarda. Waɗannan su ne layukan fihirisarka na farko. Bayan nan sai ka bi ƙunshin shafi-shafi ka ƙara abin da tambayoyin ba su taɓo ba amma kana jin zai iya fitowa.

Kowane layi yana da gida uku. Na farko kalmar. Na biyu lambar shafi da wurin da abin yake a shafin, sama ko tsakiya ko ƙasa, don kar ka isa shafin ka tsaya karanta shi duka. Na uku gajeriyar amsa, in amsar lamba ce ko shekara ko sashen doka. Wannan gida na uku yana da riba sosai, domin sau da yawa a nan za ka samu abin da kake nema ba sai ka buɗe ƙunshin ba.

Ga kaɗan daga cikin tawa. Na mayar da su Hausa saboda wannan shafi, amma ka lura: fihirisarka da harshen da za a yi tambaya za ka rubuta ta. Mu da yawa da Hausa muke tunani, amma in tambaya ta zo da Turanci fihirisa kuma tana Hausa, ka ƙara wa kanka aikin fassara a cikin minti ɗayan nan.

Aiki mai haɗari: 102 sama, shekara 18, sashe na 91
Aiki mai sauƙi: 101 ƙasa, shekara 13, sashe na 90
Aikin dare: 101 sama, 8 na dare zuwa 6 na safe, sashe na 88
Aure, ƙarancin shekaru: 76 tsakiya, shekara 18, sashe na 14
Ilimi kyauta kuma dole: 65 sama, Kundin Tsarin Mulki, sashe na 25
Kayaye: 102 sama, dakon kaya mai nauyi, sashe na 91
Rahoto, wa zai kai: 77 ƙasa, sashe na 17
Yaro, ma'ana: 73 sama, ƙasa da shekara 18, sashe na 1

Dubi layin "Kayaye". Wannan kalmar kowa ya san ta a Kumasi da Accra, kuma malami zai iya sa ta cikin tambaya. Amma dokar da kanta ba ta yi amfani da ita ba, cewa ta yi dakon kaya mai nauyi, a cikin jerin ayyuka masu haɗari. Wanda ya dogara da jerin sassan da ke farkon dokar zai neme ta har ya gaji. Shi ya sa abu ɗaya yakan bukaci layi biyu ko uku: sunansa a doka, sunansa a bakin malam, da sunansa a titi. Kuma kowane layi ya ɗauki lambar shafinsa da kansa. Kar ka rubuta "duba aiki mai haɗari", don wannan dubawa biyu ke nan a maimakon ɗaya.

Jera layukan bisa haruffa. Mai komfuta zai zuba su a teburi ya sa ta jera masa. Wanda ba shi da ita ya yanka 'yan ƙananan takardu, kowace kalma da tata, ya baza su a tabarma ya jera, sannan ya kwafe da hannu. Kar fihirisar ta wuce takarda ɗaya gaba da baya, layi 80 zuwa 100. In ta kai shafi biyar, ita ma ta zama littafin da ake nema a cikinsa. Rubuta harafin farko na kowane rukuni da girma a gefe. In an yarda, bar ta a sake ba a ɗinke ba, ta kwanta a gefen teburinka a buɗe tun daga farko har ƙarshe.

Mu gwada da tambaya ɗaya

A ce tambayar ta zo haka. Wata yarinya 'yar shekara 14, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, tana aikin kayaye a kasuwar Kejetia bayan an tashi makaranta, har ƙarfe 9 na dare. Ta fara fashin zuwa aji. A matsayinka na malaminta, bayyana abin da doka ta ce da matakin da za ka ɗauka.

Kafin ka taɓa ƙunshin, ja layi a kan takardar tambaya: shekara 14, kayaye, 9 na dare, fashin aji, mataki. Sai ka juya ga fihirisa. Layin "Yaro" ya ba ka amsa nan take, 'yar shekara 14 yarinya ce a idon doka bisa sashe na 1, ba sai ka buɗe komai ba. Layin "Aikin dare" shi ma ya isar, ƙarfe 9 ya faɗa cikin lokacin da sashe na 88 ya hana yaro aiki. Layin "Ilimi kyauta kuma dole" ya ba ka sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki. Abu uku ke nan ka samu daga takarda ɗaya.

Yanzu ne za ka buɗe. Layin "Kayaye" ya ce 102 sama. Ka kama jar alamar 100, ka juya biyu, ga jerin ayyuka masu haɗari a sashe na 91, waɗanda sai ɗan shekara 18 zai yi. Tunda kana wurin, koma shafi ɗaya baya ka karanta sashe na 90. A nan ne tarkon tambayar yake. Wani zai ga an yarda ɗan shekara 13 ya yi aiki mai sauƙi, ya ce ai 'yar 14 ta wuce, babu laifi. Amma sashen ya bayyana aiki mai sauƙi da cewa shi ne wanda ba zai cutar da lafiyar yaro ko girmansa ba, kuma ba zai shafi zuwansa makaranta ba. Ita kuwa ta fara fashi, ga kayan da nauyi. Buɗewa ta biyu ita ce shafi na 77, sashe na 17, wanda ya wajabta wa duk mai labarin yaron da ke bukatar kulawa da kariya ya kai rahoto ga hukumar jin daɗin jama'a. Wannan shi ne matakinka.

Buɗewa biyu, kamar minti uku gaba ɗaya, ka bar wa kanka sama da minti 20 na rubutu. Amma ka lura da inda aikin fihirisa ya tsaya. Ta kai ka sashe na 90, ba ta gaya maka cewa akwai tarko a ciki ba. Wanda bai taɓa karanta sashen ba ma ba zai san ya kamata ya koma shafi ɗaya baya ba. Tambayoyin buɗe littafi galibi na aiki da sani ne, ba na kwafi ba, shi ya sa fihirisar aro ba ta cika amfani ba. Haɗa ta da hannunka ai shi ne bitar karatun.

Gwaji da agogo

Ba za ka san tsarinka yana aiki ba sai ka auna shi. Ni minti ɗayan nan kashi huɗu nake raba shi: daƙiƙa 10 na zaɓen kalma daga tambaya, 15 na gano ta a fihirisa, 15 na isa shafin, 20 na kai ido kan layin da ake nema.

Samu abokin karatu ya riƙe agogon waya, ya jefo maka tambaya 20 da ba kai ka zaɓa ba, ya rubuta lokacin kowacce. Duk wadda ta wuce minti ɗaya, ku duba a wane kashi lokacin ya tafi, domin kowane kashi da maganinsa. In ka nemi kalma a fihirisa babu ita alhali abin yana cikin ƙunshin, to sunan da ka ba shi ba shi ne wanda ya fara zuwa maka a rai ba. Ƙara layi da kalmar da ka fara nema ɗin, ita za ta sake zuwa ranar jarrabawa. In fihirisar ta ba ka shafi amma ka daɗe kana juyawa, tazarar alamomi ta yi yawa a wannan yankin, sai ka matso da ɗaya. In ka isa shafin ka tsaya karatu daga sama har ƙasa, ja layi ɗaya a ƙarƙashin jimlar da ake bukata, ko ka sa ɗan ɗigo a gefenta. Layi ɗaya ko biyu a shafi ya isa. Shafin da aka shafe da launi gaba ɗaya daidai yake da wanda ba a taɓa ba.

Akwai kuma layin da ke da shafi shida ko bakwai a gabansa, kamar "Haƙƙin yaro". Wata abokiyar karatunmu da muka yi gwajin nan tare ta ga irinsa a takardar wani ta ce masa, "Malam, wannan ai ka turo ni unguwa ne ba ka gaya mini gidan ba." Gaskiyarta. Duk layin da ya wuce shafi uku, fasa shi gida-gida: haƙƙin ilimi, haƙƙin suna, haƙƙin kariya daga azabtarwa, kowanne da shafinsa.

In ka samu 18 cikin 20 ƙasa da minti ɗaya, tsarin ya tsaya da ƙafarsa. In ba ka kai ba, gyara ka sake da wasu tambayoyi daban. A zauren jarrabawa kuma ka riƙe doka ɗaya: abin da ka nema har minti biyu ba ka gani ba, bar masa gurbi a takardar amsa, rubuta abin da ka sani, ka dawo masa a minti 10 na ƙarshe.

Ƙunshi mai shafi 140 yana cin kamar yamma huɗu: ɗaya na tarawa da sa lamba da manna alama, biyu na fihirisa, ɗaya na gwaji da gyara. Ka fara saura mako biyu, don hannunka ya saba da inda kowace alama take. Ka yi fotokwafin fihirisar ka ajiye ɗaya a gida, kuma daren jarrabawa kar ka sauya wa ko alama ɗaya wuri. Allah ya ba masu rubutawa sa'a.